Shafukan Kawu

A wani kamfanin rarraba magunguna, ba mai shiga gaban daraktoci da shafukan majigi sai abokin aiki ya duba masa. An manna tambayoyin dubawar kusa da firinta. Mene ne saƙon, a jimla ɗaya? In an karanta kanun shafukan kaɗai, zancen na tafiya? Lambobi da sunaye sun yi daidai ko'ina? Daga nan sai ƙananan kurakurai.

Shugaban sito, wanda kowa ke kira Kawu, ya turo wa Auta nasa shafukan ta duba. Ita ce ƙarama a ofishin, kuma shi ya koya mata aiki, har yadda ake lallaɓa firintar in ta yi gardama. Sabon ɗakin sanyi na ajiyar magani yake nema, don tsohon ya fara ba da matsala.

Auta ta karanta kanun a jere: tarihin sito, ma'aikata, hotuna, ƙalubale. Ba inda aka ce ga abin da ake so, sai a ƙasan shafin ƙarshe, da ƙaramin rubutu. Kwalayen da suka lalace kuwa, shafi na huɗu ya ce tamanin, na tara ya ce ɗari da ashirin. Ta rubuta masa duka, ta tuna furfurarsa, ta goge. Ta yaya za ta ce wa Kawu aikinsa ba kai ba gindi? Ta gyara waƙafi da wata kalma da ta rasa harafi, ta ce masa ya yi kyau. Lambobin ma ta bar su, wai ƙila da dalilinsa.

Ranar taron ita ke juya masa shafukan. Ana tsakiyar hotuna, shugabar daraktoci ta ajiye bironta ta tambaye shi, cikin girmamawa, me yake so su yanke. Kawu ya fara laluben takardu. Mai kula da kuɗi ya ƙara da tambayar wace lamba ce gaskiya, tamanin ko ɗari da ashirin. Auta ta kafa wa linzamin kwamfuta ido, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Aka ɗage maganar zuwa zama na gaba.

Ta ƙi fita cin abinci don kada su haɗu. Shi ya zo ya tsaya bakin teburinta.

"Kin gani tun farko?"

"Na gani, Kawu. Nauyinka na ji."

Kawu ya gyaɗa kai. Sannan ya ce ai kunyar da ta ɗauke masa a gabanta ita ya je ya sha a gaban manya, kuma shi ma da laifinsa, tunda da aka ce ya yi kyau bai ƙara tambaya ba.

Ya jawo kujera ya zauna. Auta ta dawo da buƙatar sabon ɗakin sanyin zuwa shafin farko, suka buɗe rajistar sito suka ga ɗari da ashirin ce daidai. Da aka zo tarihin sito, shafin da ya fi ji da shi, ta tsaya tana juya linzamin a kansa.

"Faɗi mana, 'yata."

"A cire shi," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu ya goge da kansa.