Buhunan Da Ba Su Hau Mota Ba

A gidansu Ba-Zama ake kiransa, kuma ba a yi masa sharri ba. Ya bar makaranta a aji uku na sakandare, ya yi gyaran waya wata biyar, ya bi motar kaya wata tara, ya dawo gida da takalmi mai tsada da aljihu fayau. Abu ɗaya ne ya riƙe shi shekara uku cur, wato eka ɗaya ta barkono da Baba ya yanka masa a gefen gona. Yanzu kuma idonsa yana kan babbar gona, eka huɗun da ake shuka masara tun kafin a haife shi. So yake ya cika ta da barkono. Ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in ba a ba shi ita bana ba, direban da ya taɓa bi yana neman yaron mota, zai koma.

Baba bai yi musu da shi ba tun farko. Cewa ya yi, “Baki ba ya noma. Ka rubuta mini damina uku a takarda, abin da kowace shuka ta ci da abin da ta kawo. In takarda ta ba ka gaskiya, gona taka ce.”

To, ga damina uku ta cika. Takardar kwali ce babba, malamin gona ya ja masa layukanta da biro da rula. A gefen hagu masara, wake, barkono. A sama kuwa iri, taki, huɗa, noma, magani, girbi, sai jimlar kuɗin da aka kashe, sai yawan buhu, farashi, da riba a ƙarshe. Kowace damina da nata layin. Ba-Zama yana ajiye ta cikin leda a ƙarƙashin katifa, kuma ya haddace ta kamar lambar wayarsa.

Bara masara ta ci dubu ɗari shida da arba'in. Buhu ashirin da biyu a kan dubu talatin-talatin, ta kawo ɗari shida da sittin. Ribar eka huɗu, dubu ashirin kacal. Barkono kuwa ya ci ɗari da hamsin, buhu goma sha biyu na busasshe a kan dubu arba'in, riba ɗari uku da talatin, a eka ɗaya tal. Ko bara waccan da ciwo ya kama shi ganye ya nannaɗe, sai da ya bar dubu arba'in. Wake yana tsakiya, ba yabo ba fallasa.

Mai tarakta ya aiko cewa jibi zai shigo yankinsu, kowa ya faɗi abin da za a yi masa. Baba ya ce gobe da hantsi a kawo takarda.

Da safiyar ranar Inna ta kama shi yana shirin fita. “Kai, Ba-Zama, tsaya. Ɗakin ajiya yana son shara kafin takinku ya zo. Ka matsar mini da buhunan nan.”

“Inna, sauri nake.”

“Yaushe ne ba ka sauri? A cikina ma wata takwas ka yi ka fito.”

Ya shiga yana ƙunƙuni. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, katakai a ƙasa don kada danshi ya taɓa hatsi, tarkon ɓera a lungu. Saura buhu bakwai na masara. Da ya janye na ƙarshe daga jikin bango, sai ya ga zane-zanen alli a bayansa, layi-layi a tsaye, an haɗa su biyar-biyar, wasu an soke su. Rukuni uku ne, ɗaya a saman ɗaya.

“Inna, wa yake lalata bango?”

Ta leƙo da tsintsiya a hannu. “Kada ka goge mini. Lissafina ne. Duk buhun da ya shigo ɗakin nan ina ja masa layi, in ya ƙare in soke.”

Ya ƙirga na ƙasa. Goma sha takwas. Na tsakiya goma sha bakwai, na sama goma sha takwas.

“Na ƙasan nan duk na bara ne?”

“Na bara mana. Arba'in aka casa. Ashirin da biyu suka hau mota, sha takwas suka shigo nan. Kai da me kake tsammani muke cika maka kwano sau uku a rana? Da barkono?”

Ba-Zama ya zauna a kan buhu. Ba wai bai san ana cin masara a gidan ba, shi ne ma ya fi kowa ci. Amma a ransa wannan “ta gida” ce, ba ta shiga lissafi, kamar ruwan randa. Ranakun casa yana can yana shanyar barkono, sai ranar da ɗan kasuwa ya zo da mota yake tsayawa da biro yana ƙirga buhun da ake lodawa. Abin da ya hau mota shi yake rubutawa a gidan yawan buhu. Damina uku yana haka.

Ya ɗauko takardar, ya shimfiɗa ta a kan buhu, ya juya bayan wani tsohon rasit. Buhu arba'in sau dubu talatin, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

Inna ta tsaya a kansa tana kallon layukan da ba ta iya karantawa ba. “Ina gidan taki a nan?”

Ya nuna mata. Buhu goma sha biyu, dubu ɗari uku da sittin, duk a layin masara.

“To na barkono fa?”

“Barkono...” Ya duba layin barkono. Gidan babu komai sai ɗan layi da ya ja. Rasit ɗaya mai shagon taki yake bayarwa, a mota ɗaya ake kawowa, kowa kuma yana ce masa takin masara. Haka ya rubuta shi.

“Ba kai ba ne kake zuwa da baro kana kwasar buhu uku duk shekara? Har kana cewa kada in faɗa wa Babanku sai an zuba?”

Buhu uku, dubu casa'in. Ya cire daga masara ya ɗora wa barkono.

“Saura tsinka,” in ji Inna. Yanzu ta ajiye tsintsiyar, abin ya fara yi mata daɗi. “Nawa ka rubuta?”

“Ai ba a biya kowa ba.”

“Ba a biya kowa ba! Ni da ƙanwarka Auta ba kowa ba ne ke nan. Sati shida muna duƙe, hannu yana raɗaɗi, yarinyar nan ta manta ta sosa ido ta wuni tana kuka. Eka ɗaya ke nan. In ka yi huɗu, uwa huɗu za ka nemo?”

Ya san abin da masu tsinka suke karɓa a kan kowane kwando, domin maƙwabcinsu yana ɗaukarsu. A eka ɗaya ba zai gaza dubu tamanin ba. Ya rubuta.

Da ya gama, ribar masara ta bara ta zama dubu ɗari shida da hamsin, wato ɗari da sittin da biyu da ɗoriya a kowace eka. Barkono ya sauko ɗari da sittin. A shekararsa mafi kyau ke nan, kunnen doki suka yi. Da ya koma bara waccan, dubu arba'in ɗin da yake taƙama da ita ta rikiɗe ta zama asarar fiye da dubu ɗari. Masara kuwa ba ta taɓa sauka ƙasa da ɗari da arba'in a eka ba. Sannan ga abin da babu gidansa a takardar: in babu masara a gona, buhu sha takwas ɗin nan a kasuwa za a saye su, rabi kuma da tsakar damina, lokacin da buhu yake kai dubu arba'in da biyar.

Ya daɗe yana kallon takardu biyun. Kwalin tsaf yake, ba gogewa ko ɗaya, kuma babu ƙarya a ciki da ya yi da gangan. Baba ya ce in takarda ta ba shi gaskiya, kuma Baba ba ya janye magana. Rasit ɗin kuwa ɗan ƙarami ne, zai shige aljihu ba wanda ya sani.

“Inna, za ki faɗa masa?”

“Ni? Ina ruwana da takardarku. Ni dai na san ranar da ɗakin nan ya zama wayam, kai zan fara aika kasuwa.” Ta ɗauki tsintsiyarta.

Baba yana zaune a inuwar bango a kan kujerar roba, ya miƙe ƙafar da gwiwarta ke damunsa, yana gyara bakin feshin magani da allura. Ba-Zama ya durƙusa ya miƙa masa kwalin. Baba ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa a hankali, har ya kai gidan riba.

“Dubu ashirin,” ya ce. “Ashe shekara talatin wahalar banza nake yi.”

Ba-Zama ya ji rasit ɗin a aljihunsa kamar garwashi. Ya ciro shi.

“Baba, akwai gyara.”

Ya yi bayani, buhu sha takwas, taki uku, kuɗin tsinka. Bai ɗaga kai ba har ya gama. Baba ya karɓi rasit ɗin ya juya shi gaba da baya.

“Taki uku,” ya ce. “Ni da nake zargin mai shago yana rage mini awo.”

Daga cikin gida aka ji dariyar Auta.

“Da ma kun san masara ba ta faɗuwa?” Ba-Zama ya tambaya.

“Na san ba mu taɓa sayen hatsi ba. Amma ko barkononka ya fi ta, wannan ban sani ba, shi ya sa na ce ka rubuta. Da kwalin nan kaɗai ka kawo, da na ba ka gonar, mu duka mu sha mamaki da tsakar damina.” Ya cire tabarau. “Babbar gona masara za a sa. Ka faɗa wa mai tarakta.”

“To, Baba.”

“Direban naka fa? Yaushe motar za ta tashi?”

Ba-Zama ya sosa ƙeya. Shi kansa ya yi mamakin yadda maganar motar ta fita daga ransa. Abin da yake cinsa shi ne layin wake, domin yanzu ya tuna harawar da tumaki suke ci duk rani, ita ma ba ta taɓa shiga takarda ba.

“Sai na sake jan layukan nan tukuna. Akwai gidajen da babu. Na abin da aka ci a gida, da na aikin da ba a biya ba, da riba a kowace eka.”

“To ja. In ka ja, rabin ekar nan ta bakin rafi ka ƙara a barkononka, mu ga abin da damina ta huɗu za ta ce. Takinka kuma rasit daban.”

Inna ta fito da kwandon shara a kai, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Malam, tunda an rubuta dubu tamanin a gidan tsinka, wa zai ba mu? Ni da Auta muna jira.”

“Inna, ai lissafi ne kawai, don a gane...”

“A'a, ɗan nan. Damina uku ba mu cikin takarda, mun yi shiru. Yanzu mun shiga.”

Baba ya mayar da kansa kan bakin feshinsa. “Ni masara nake nomawa,” ya ce. “Ku yi da mai barkono.”

Ba-Zama ya naɗe kwalin ya nufi shagon kan kwana sayen sabo, Auta tana bin sa a baya tana lissafa nata rabon da yatsu.