Karatun Bakin Rijiya

A shekarun fari, rijiyar Tirmini ta koma tsattsafo: in aka ja guga ɗaya, sai a zauna jiran ruwa ya taru. A nan Lubabatu, mataimakiyar malama a lakwal, wato makarantar boko, take ɓata rabin yininta da goyo a baya da ɗanta Tahiru ɗan shekara uku a hannu. Saura wata uku jarrabawar takardar koyarwa, wadda in ta faɗi ba za a tabbatar da ita a aiki ba.

Jadawalin karatun da ta manna a bango bai kwana uku ba, don yara ba su san agogo ba. Sai ta raba karatunta da guga. Jiran farko na sabon darasi ne, na biyu na maimaita na jiya, na uku kuwa ta rufe littafi ta koyar da matan da ke layin ruwa da ka. Ranar Lahadi tsohuwa Inno takan riƙe yaran, ita ta gwada rubuta amsa.

"Madam, ban gane ba, sake!" in ji Inno kullum a bakin rijiya. "Akuyar nan ma ba ta gane ba."

Lubabatu ta ci jarrabawar rubutu a Damagaram. Ranar da mai duba malamai, wanda suke kira Mushe, wato Malam da Faransanci, ya zo ganin koyarwarta, jaririyar ta tsala kuka a waje, akuya ta leƙo aji. Lubabatu ko gezau.

"Ina kika koyi wannan natsuwa?" ya tambaya yana sa hannu a takardar tabbatar da ita.

"A bakin rijiya, Mushe."