Ranar da Kawu Ya Zaɓa

Katin shaidar Dogo direba ya ɓace tun farkon damina, amma sai da ruwa ya ɗauke ya yarda ya ɓace. Ya zazzage aljihunan riguna, ya ɗaga kujerun motar makarantar da yake tuƙawa, har matarsa ya tsare da tambaya. Da shugabar makarantar ta nemi katin kowane ma'aikaci, ya rasa mafita, ya nufi gidan Kawu.

Kawu tsohon masinja ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar takardun mutane daga tebur zuwa tebur, shi ya sa yake ganin babu ofishin da ya fi ƙarfinsa. Kuma a gaskiya ya iya wasiƙa. Ya sa Dogo ya rubuta biyu. Ta farko ga shugaban ofishin 'yan sanda: cikakken suna, adireshi, irin katin da lambarsa, inda ya ɓace, da roƙon a ba shi takardar rahoto. Ta biyu ga ofishin da ya bayar da katin, haɗe da kwafin rahoton, a soke tsohon a ba shi sabo.

"Ka yi kwafin kowacce," in ji Kawu. "Su buga maka hatimi a naka, ka adana."

Da suka zo kan ranar ɓata, Dogo ya faɗi gaskiya.

Kawu ya cire tabarau. "Ɗana, so kake su ce ina ka shiga duk watannin nan? Faɗa za ka sha. Rubuta jiya."

Dogo yana tsoron faɗan mai kaki fiye da komai. Ya rubuta jiya a duka biyun, ya sa hannu. Aka karɓa, aka buga hatimi, babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi.

Kafin sabon katin ya fito, 'yan sanda suka sami Dogo a bakin makaranta, yara na hawa mota. An yi rajistar layin waya da tsohon katinsa, an damfari wata tsohuwa da shi.

Dogo har da murmushi ya ciro kwafinsa. "Yallaɓai, ai na kai rahoto."

Jami'in ya karanta a tsanake. "An yi rajistar layin nan a tsakiyar damina. Kai kuma ka rubuta cewa katin yana hannunka har ƙarshenta."

"Ba haka aka yi ba, yallaɓai."

"To wa ya sa hannu a nan?"

Shugabar makarantar ta karɓi makullin motar kafin su tafi da shi. Da yamma Kawu ya zo belinsa, yana tafe yana shafa gemu.

"Ni dai shawara na ba ka," ya ce. "Ai ba ni na riƙe biron ba."

Baƙin ciki ya kama Dogo, don wannan karon Kawu gaskiya ya faɗa.