Sufeto Ya Ba da Notis

Da hannunsa Sufeto ya rubuta notis ɗin, ya ƙi yarda ɗansa ya buga masa a waya. Ya yi ritaya daga aikin duba sikeli da mudu a kasuwanni, aikin da ya koya masa cewa duniya cike take da mutanen da ke rubuta kilo su ba da abin da bai kai ba. Tun daga nan ya ɗauki alkawarin shi ba zai shiga sahunsu ba, kodayake ba wanda ya roƙe shi.

Takardar gajera ce. Ta ce shi, ɗan haya a gida mai ɗaki biyu da falo, yana ba da notis na wata guda kamar yadda yarjejeniya ta tanada, zai fita ranar talatin ga wata mai zuwa. Zai biya kuɗin wuta da na ruwa har zuwa ranar, ya miƙa makullai duka. Sakin layi na ƙarshe ya ce zai mayar da gidan yadda ya karɓe shi: ya cire duk abin da ya ƙara, ya cike ramuka, ya yi farin fenti.

Ya karanta wa matarsa, sau biyu, don ta ji daɗin tsarin.

"Duk abin da ka ƙara, Malam?" ta ce. "Har da ƙarafuna?"

"Haka yarjejeniya ta ce."

"Yarjejeniya ce ke zuwa banɗaki?"

Ciwon suga ya ɗauke mata gani shekarun baya, gwiwa kuma ta bi sahu. A lokacin Sufeto ya nemi izinin mai gida, wani dattijo da ya amsa da baki, daga baya ya rasu ya bar magada. Aka kafa bututun ƙarfe a jikin bango daga bakin gado zuwa falo, daga falo zuwa kicin da banɗaki. Aka zuba gangara ta siminti a kan matakalar ƙofa. Da waɗannan ƙarafan take yawonta ba ta neman hannun kowa. Ta san inda walda ta yi ƙullutu, nan ne kwanar kicin. Ta san inda ƙarfen ke zafi da hantsi, nan ne taga.

Tashi daga gidan dabarar ɗansu ce. Injiniya ake ce masa tun yana yaro saboda ya taɓa kwance rediyo, kuma har yau ba a ji ya mayar da ita ba. Kayan waya yake sayarwa. Ya ce yana gina musu ɗaki biyu a bayan filinsa, saura rufi kawai, wata guda ya yi yawa.

Ofishin ejan, wakilin magada mai karɓar haya, yana saman wani shagon taya. Ejan ɗin ya karɓi takardar yana magana a waya, ya duba kwanan wata, ya buga hatimin karɓa a kan kwafi biyu, ya miƙo ɗaya.

"Ba ka karanta ba," in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, talatin ga wata. Na gani. Allah ya sa ku dace da can."

A satin aka kawo masu duba gida. Sufeto ya tafi tantancewar 'yan fansho, inda ake zuwa a nuna wa hukuma ba a mutu ba. Da ya dawo matarsa ta ce wata mata ce ta zo, mai ƙamshin asibiti, ta yi ta shafa bango ba ta ce komai ba.

Mako biyu bayan haka Injiniya ya zo da lemo a leda, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya zauna a bakin kujera.

"Baba, kafintan nan ya ci amanata."

"Rufin?"

"Ai kuɗin kwano ya tashi. Amma wata biyu, in Allah ya yarda..."

"Wata biyun irin na rediyo?" in ji uwar.

"Haba Inna. Kafin nan sai ku zauna a wajena. Yara su koma falo."

Wajensa hawa na biyu ne, haya shi ma, matakala ba abin dafawa, ga yara huɗu da ke barin takalma inda hali ya kama. Uwar ta ɓare lemo, ta ce ba zaƙi.

Washegari Sufeto ya sa hular da yake zuwa ofis da ita ya hau saman shagon taya. Ya ce yana so ya janye notis, ko a ƙara masa wata biyu.

Ejan ya yi fuskar ta'aziyya, wadda ya ajiye don irin wannan.

"Baba, notis ba kamar gaisuwa ba ne. Ka bayar, magada sun karɓa, an sa hannu da wata, ta biya shekara. Janyewa sai sun yarda, su kuwa sun riga sun raba kuɗin. Ɗaya har ya sayi babur."

"A tambayi matar."

"Na san amsarta. A matse take. Ɗaya ga wata za ta shiga."

"To, shi ke nan. Abin da na rubuta zan cika."

"Ai mun san ka," in ji ejan, idonsa na kan waya.

Sufeto ya sauko da wani irin ƙarfi. Ba shi da iko a kan rufi, ba shi da iko a kan magada, amma sakin layi na ƙarshe nasa ne. Ya yi lissafi: fenti sai bango ya bushe, bango sai an cike ramuka, ramuka sai an cire ƙarafa. Ya kira mai walda da birkila tun saura kwana goma.

"Malam, ka bar min na banɗaki kawai," matarsa ta ce da ta ji ƙarar injin. "Sai ranar."

"Mai fenti ba zai dawo sau biyu ba. Ga ni, ai sai in riƙe ki."

"Shekara arba'in ba ka riƙe ni ba sai yanzu da ba na ganin fuskarka."

Mai walda ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya ci gaba da yanka.

An yi aikin da kyau, wannan ba a ƙwace masa ba. Birkila ya fasa gangara da guduma, matakala uku suka fito kamar ba su taɓa ɓuya ba. Aka cike ramukan, aka goge, aka yi fenti hannu biyu. Aka sayar wa mai gwangwan ƙarafan, ya auna su a sikelin da Sufeto ya kalla da ido ɗaya ya san ƙarya yake, amma ya karɓi kuɗin.

A rana ta biyu matar ta tashi daga gado da hantsi, ta miƙa hannu inda ta saba. Tafin ya sauka a kan ɗanyen fenti ya zame. Ba ta faɗi ƙasa ba, kafaɗa ce ta bugi ƙyaure. Sufeto ya taho da gudu daga falo, ya kama ta, ya zaunar da ita. Sannan, da yake shi ne, ya dubi bangon.

"Ya ɓaci?" ta ce.

"Kaɗan ne. Za a shafe."

"Madalla."

Daga ranar ba ta ƙara tashi da kanta ba. In tana da buƙata sai ta jira har ya lura, in bai lura ba ta ci gaba da jira. Ta rage shan ruwa. Ya yi mata faɗa a kan haka, ya kawo mata maganar likita, ta ce ta ji.

Ranar talatin motar kaya ta zo da safe, Injiniya na tsaye yana ba leburori umarnin da ba sa bi. Aka bar kujera ɗaya a falo, uwar na kai, jakarta a cinya. Sufeto ya jera makullai a kan taga tare da rasit na wuta da na ruwa da tsohuwar takardar kayan gida ta ranar da ya shiga.

Ejan ya iso da sabuwar 'yar haya. Mai kemis ce, mace mai kamar shekara arba'in, da tef ɗin awo a hannu. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ina gangarar?"

Ba ta jira amsa ba, ta shiga. Ta dubi bangon falo, ta leƙa banɗaki, ta fito.

"Ina ƙarafan? Malam ejan, ina ƙarafan da na gani?"

Ejan ya juya ga Sufeto. "Baba, me ya faru a nan?"

Sufeto ya zaro kwafinsa mai hatimi, ya sa yatsa a sakin layi na ƙarshe. Ejan ya karanta, a karon farko.

"Innalillahi. Baba, kowa yana rubuta wannan! Shekarata nawa a aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya yi ba. Mutane ƙofa suke cirewa su tafi da ita. Da ka tambaya ai layi ɗaya zan rubuta maka a bar su."

"Da ka karanta ai da ka faɗa."

"Mijina a keke yake," in ji mai kemis. Ba ta ɗaga murya ba. "Tun hatsarin da ya yi. Na bi gida ya fi goma. Na ƙara kuɗi a kan wannan saboda gangarar nan, na ba da notis a inda nake. Gobe da me zan shigo da shi?"

"Hajiya, a yarjejeniyarki an rubuta ɗaki biyu da falo," ejan ya ce a hankali. "Ba a rubuta gangara ba. Sai ki nemi izinin magada a rubuce, a sake zubawa."

"Su nawa ne?"

"Tara. Biyu ba sa magana da juna."

Injiniya ya ce shi ya san wani mai walda mai sauƙi, ba wanda ya kalle shi.

Duk da haka aka yi duba, tunda don shi aka taru. Ejan ya bi ɗaki-ɗaki da tsohuwar takardar, ya kunna fitilu, ya buɗe famfo, ya rubuta lambar mita, ya ƙirga makullai. Bai sami abin cirewa daga kuɗin ajiya ba ko na ƙusa ɗaya. Ya rubuta cewa an karɓi gida lafiya, ya sa hannu, Sufeto ya sa.

Mai kemis ta durƙusa a gaban kujera.

"Mama, ke ce na tarar rannan. Yi haƙuri, ban gaishe ki ba."

"Ba komai, 'yata. Ya mai jikin?"

"Da sauƙi."

"In za ki sa sabbi, ki ce su sauko da na banɗaki ƙasa kaɗan. Nawa ya yi sama, ban taɓa faɗa ba."

Sufeto ya ninke takardarsa ya sa a aljihu. Ya miƙa wa matarsa hannu.

"Taso, mu je. Matakala uku ce."

"Na san ko nawa ce."

Ta gwada. Gwiwoyin da suka yi mako a zaune suka ƙi. Ta sake gwadawa, ta koma.

"Injiniya," ta ce, "kira lebura biyu. Ka ce musu akwai sauran kaya."

Suka ɗauke ta da kujerar. Ɗayan ya tambayi Injiniya ko can ma ƙasa ne, ya ce hawa na biyu, leburan ya ce to wannan lissafinsa daban.