Dilar Gwanjo Ma Fasinja Ce

Hudu kwandastan mota ne, ɗan Gwashi, kuma shi ya fara sauka Gummi don bikin abokinsu, tun ranar Alhamis. Ya kama ɗaki mai gado biyu a wani ƙaramin masauki bayan tasha, dubu goma sha biyu kowane kwana, bisa alkawarin su uku za su raba: shi, da Malam Kamaluddeen mai koyar da lissafi a Anka, da Lirwanu ɗan gwanjo.

Sai dai kowa da irin zuwansa. Malam ya iso Juma'a, ya kwana biyu, ranar Lahadi yayarsa da ke aure cikin gari ta rantse sai ya koma gidanta. Lirwanu kuwa tun Alhamis ya shigo da dila biyu ta gwanjo, ya jibge su kan gado na biyu, wai damina ce, ƙasa na da danshi. Shi kansa ya tafi shagon kawunsa inda ake kwana kyauta. Ranar Asabar kaɗai ya kwana ɗakin, da ya tarar an rufe shagon.

Litinin da safe mai masauki ya ce kwana huɗu, dubu arba'in da takwas, kuma a biya kafin sha biyun rana. Wanda ya kama ɗaki shi ya sani. In kuɗi ba su cika ba, ya ajiye wayarsa. Dubu ashirin da biyar ke aljihun Hudu, wayar kuma ita direbansa ke kira idan lodi ya zo kansu. Kwandastan da ba a samu a waya, kafin la'asar an ɗauki wani.

Da suka haɗu a ɗakin, Hudu ya ce a raba uku, kowa sha shida, zumunci ya fi lissafi. Lirwanu ya ce shi zumuncin kwana ɗaya ya yi. Malam ya gyara tabarau, ya juya katin gayyatar biki, ya ce adalci shi ne a bi dare-dare: kowane dare a raba kuɗinsa tsakanin waɗanda suka kwana. Alhamis Hudu shi kaɗai, sha biyu. Juma'a su biyu, shida-shida. Asabar su uku, hurhuɗu. Lahadi Hudu kuma shi kaɗai. Ya ja layi. Hudu talatin da huɗu, Malam goma, Lirwanu huɗu.

Lirwanu ya yaba wa ilimin boko, har da cewa Allah ya ƙara wa gwamnati albarka da ta koyar da Malam.

Hudu ya karɓi katin ya duba. Bai ga kuskure ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka kan dilolin nan, zaune daram bisa katifa, fanka na kaɗa musu iska kamar manyan baƙi.

"Malam, ranar Juma'a ina ka kwana?"

"Bisa tabarma."

"Mi ya hana ka gado?"

Malam ya kalli gadon.

Sai Hudu ya miƙe kamar yana bakin ƙofar mota. Ya ce lissafin Malam daidai ne, fasinja ne bai ƙirga duka ba. A tasha, kayan da ke but ɗin mota kuɗin kaya suke biya, amma duk buhun da ya hau kujera kuɗin mutum ake karɓa, ko da mai shi ya bi wata mota. Lirwanu ya san haka, don sau nawa ya biya wa dila kujera daga Sakkwato.

"Kai ɗan Gwashi, dila na numfashi ne?" in ji Lirwanu.

"Ba numfashi muke sayarwa ba, Alhaji, wuri ne. Kujerarka ta yi kwana huɗu cike."

Lirwanu ya juya ga Malam don neman ceto. Malam ya riga ya duƙufa kan katin. Idan gadon Lirwanu ya shiga lissafin kowane dare, Alhamis da Lahadi shida-shida, Juma'a da Asabar hurhuɗu. Hudu ashirin, Lirwanu ashirin, shi Malam takwas. Da ya ga nasa ya sauka da dubu biyu, sai ya bayyana cewa a ilimance wannan ya fi inganci, ga kuma bayansa da har yanzu ke ciwo.

An ja. Lirwanu ya nemi a yi wa dila rabin kuɗi kamar yaro, Hudu ya ce yaro a cinya ake riƙe shi. Ya nemi ya biya da riguna, mai masauki ya ɗaga ɗaya ya ga mutum biyu irinsa za su shige cikinta, ya mayar. Daga ƙarshe Lirwanu ya tura dubu ashirin ta waya yana salati, Hudu ya ƙirga nasa, ya soka wayarsa can ƙasan aljihu da sauran dubu biyar.

Ƙarfe goma ta yi, suka ce wa Lirwanu ya tashi su taya shi fitar da kaya. Lirwanu ya cire takalmi, ya ture dila ɗaya gefe, ya miƙe kan katifa, ya sa Malam ya ƙara fanka.

"Ku yi gaba," ya ce, ido a rufe. "Ni da matafiyana mun biya har sha biyu."