Sunan da ke Kan Takardar Baba Hashim

Nazeer ya gaji ɗakin aikin Malama Lauratu wata biyu bayan rasuwarta, a wani ƙaramin asibitin masu damuwa da ke lungun Yakasai. Cikin marasa lafiyar da ta bari akwai Baba Hashim, tsohon tela da ya rufe shago tun mutuwar matarsa.

Ita Malama hira take yi da shi kan rashin da ya yi da zamansa da 'ya'yansa. Nazeer ya sauya hanya. Ya ba shi littafi ya riƙa rubuta munanan tunaninsa suna auna gaskiyarsu tare, ya sa shi ɗinkin minti goma kullum. Cikin mako shida Baba ya koma cin abinci da barci.

Nazeer ya kai wa Dakta Ummi, mai duba aikinsa, sakamakon.

"Dakta, dabarata ta fi ta Malama aiki."

"Wataƙila," in ji ta. "Akwai ciwon da dabara ke da nauyi a kansa, kamar tsoron da sai an saba wa mutum da abin da yake gudu. Amma a ciwon damuwa, bincike ya nuna ingantattun hanyoyin kusan kunnen doki suke. Abin da ke yawan tafiya tare da sauƙi shi ne yarda: kun dace kan inda za ku, ya amince da aikin, yana jin kana saurarensa. Ina takardunsa na auna yarda?"

Ya miƙa mata. Baba ya ba da maki mai yawa kowane mako. Sai dai a gurbin sunan mai duba shi, da ajami, ya rubuta Lauratu. Takardu shida, duk bayan rasuwarta.

Ranar Talata da hantsi Nazeer ya tambayi Baba dalili.

"Na san ta rasu, ɗana. Da ni aka kai ta," in ji Baba. "Aikin naka ne, yana kuma da amfani. Amma ita nake gaya wa. Tana tsaye bayan kujerarka. In ka katse ni, sai ta girgiza kai."

Nazeer bai waiwaya ba.

Dakta Ummi ta duba Baba da kanta, ta ce hankalinsa lafiya lau. Masu makoki kan ji mamaci kusa da su. Nazeer bai ajiye littafin ba, amma ya koyi yin shiru. Ya tambayi Baba abin da shi yake so. Ashe ba shago ba ne. So yake ya iya shiga ɗakin matarsa.

A mako na goma Baba ya shiga ɗakin. Ranar da ya zo asibiti, sunan Nazeer ya rubuta a takardar.

Da zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi.

"Malama ta daina kallona," ya ce. "Yanzu kai take saurare."