Ladan Ya Ce Ba Zai Dangwala Ba

An ba Ɗahiru kujera a tsakiyar ɗaki, mutum huɗu suna fuskantarsa. Kwamitin asibitin koyarwa ke nan, masu duba duk wani bincike da za a yi kan mutane kafin a ba da izinin farawa. Shi kuwa ɗalibin ajin ƙarshe ne a makarantar koyon aikin jinya a Kano, a shekarar 1997. In bai miƙa bincikensa kafin jarrabawar fita ba, sai baɗi.

Binciken ba wani babba ba ne. Tambayoyi zai yi wa manoman Yako, garinsu, kan yadda suke feshin wake: me suke rufe hanci da shi, ina suke ajiye maganin, me suke yi da galan in ya ƙare. Mutum ashirin yake bukata.

Shugabar kwamitin, Matiron Saudatu, ta ɗaga takardar amincewar da ya haɗa da fom ɗin neman izini.

"Hausarka ta fita. Ka faɗi dalilin binciken, ka ce ba allura ba ɗibar jini, ka ce lamba za ka sa maimakon suna. Madalla. To wannan layin fa: 'Ba dole ba ne, mutum yana iya fasawa ko an fara.' Wa zai karanta musu?"

"Ni, ranki ya daɗe."

"Kai ɗan wa ne a Yako?"

"Ɗan Malam Shitu ladan."

"Kullum ubanka ke tashinsu salla, sannan ka tsaya gabansu da farin kaya ka ce wanda ba ya so ya faɗa. Wa zai faɗa?"

Ɗahiru bai san ko mutum ɗaya a Yako da zai iya ba.

"Za su yi maka kara, su dangwala. Wannan ba yarda ba ce. Je ka gyara. Kuma kada ka tambayi kowa komai sai takardarmu ta zo hannunka."

Ya gyara. Malam Ubale, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, mutumin Tudun Wada da ba shi da dangi a garin, shi zai karanta takardar, Ɗahiru yana waje. Wani malamin firamare zai zama shaida ga masu dangwala yatsa. Kowa zai tafi da kwafinsa. A zama na gaba kwamiti ya sa hannu.

Da ya sauka daga bas a Yako, mai shayin tasha ne ya fara tarbarsa.

"Likita, sannu da hanya. Mun ji saƙo. Laraba duk muna nan."

"Wane saƙo?"

"Na lasifikar masallaci mana. Bayan sallar asuba, bayan azahar ma an maimaita."

A zaure ya tarar da mahaifinsa yana gyaran igiyar guga. Ya durƙusa ya gaishe shi, aka tambayi hanya da malamai, sannan ya kawo maganar.

"Baba, me aka faɗa a masallaci?"

"Na ce ɗana yana da aikin makaranta, duk mai gonar wake ya fito ranar Laraba. Na rage maka wahala."

"Ai an hana haka. Sai wanda ya ga dama."

"To sun ga dama."

"Don kai ka faɗa."

Malam Shitu ya ajiye igiyar. "Wato a makarantar taku, in uba ya taimaki ɗansa laifi ne?"

"Matiron ta ce in mutum ba shi da hanyar cewa a'a, to ɗin da ya ce ba ta da amfani. In ta ji an kira su da lasifika, za ta iya janye izinin."

"Wa zai gaya mata?"

"Ni. Akwai rahoton da zan rubuta."

Tsohon ya dube shi ya ce, "Shiga ka ci tuwo."

Ranar Laraba rumfar asibitin ta cika. Wasu da fartanya a kafaɗa, suna ta duban rana. Malam Shitu ya shimfiɗa buzunsa a gaba. Ɗahiru ya tsallaka titi ya zauna a bencin mai shayi, kamar yadda ya rubuta wa kwamiti. Daga nan yana ganinsu, yana kuma jin muryar mahaifinsa, don muryar ladan ba ta ɓuya.

Malam Ubale ya karanta a hankali. Da ya kai ƙarshe, Malam Shitu ya ɗaga hannu.

"Malam, maimaita min wurin nan na ba dole."

Aka maimaita.

"In na ƙi, gobe na zo da ciwon kai, za ka ba ni magani?"

"Zan ba ka, Ladan. Yana nan a rubuce."

"Kuɗi fa, ana biya?"

"Ko sisi."

"To jama'a ku shaida. Kiran da na yi a lasifika na janye. Ni Shitu ba zan dangwala ba." Ya naɗe buzunsa. "Wakena yana jirana."

Sai Audu mai tireda ya yi dariya ya ce, "Uban likita ma ya gudu, ni me nake jira?" Ya bi bayansa. Wasu suka tashi bibbiyu, suna kakkaɓe riga, kowa da uzurinsa: wannan akuya, wancan suruki ba lafiya. Ɗahiru yana kallon rumfar tana raguwa, shayinsa ya huce.

"Likita, tsohonka ya kashe maka kasuwa," in ji mai shayi.

Ɗahiru kuwa yana lissafin baɗi.

Can sai Malam Ubale ya yafito shi. Waɗanda suka rage sun riga sun dangwala, malamin firamare yana sa hannu a gefe.

"Nawa?"

"Ashirin da uku."

Ya shiga ɗakin allura ya riƙa kiransu ɗaya-ɗaya, ƙofa a rufe. Ba su yi masa kara ba. Wani ya ce da hannu yake dama maganin, kuma duk ranar feshi ba ya iya cin tuwo. Wani ya nuna masa ƙurajen bayansa inda tankin feshi yake ɗiga. Wani dattijo, da aka zo tambayar inda yake ajiye magani, ya miƙe.

"An ce ana iya fasawa ko an fara?"

"Ana iyawa, Baba."

"To na fasa."

Ɗahiru ya yage takardar amsoshinsa a gabansa, ya yi masa godiya. Saura ashirin da biyu. Sun isa.

Da la'asar ya koma gida. Malam Shitu yana bakin rijiya yana alwala.

"An samu?"

"An samu, Baba."

"Ka rubuta wa matar nan cewa a Yako har ubanka ya ce a'a."

"Ba a sa suna."

"To ka sa min lamba."

Ɗahiru ya yi murmushi. Sai idonsa ya kai kan galan ɗin da tsohon yake tsiyayo ruwa daga ciki. Shuɗi ne, da sauran hoton ƙoƙon kai a jikinsa.

"Baba, wannan ai galan ɗin maganin feshi ne."

"Na wanke shi da toka sau uku." Ya shafa kai, ya shafa kunne. "Kuma ni ban dangwala ba. Ba ka da izinin yi min tambaya."

"Wannan ba bincike ba ne. Ɗanka ne ke magana."

Ya ɗauke galan ɗin, ya huda gindinsa da wuƙa, ya tafi nemo buta.